Kwana talatin ɗin ƙarya da lissafin da ke rufe shago

Wallahi abin da manyan kwastomomi suke yi wa 'yan sari ya isa haka. Za a kai musu kaya, su sa hannu kan cewa za su biya cikin kwana talatin, alhali su da kansu sun san ba su da niyya. Ranar da wa'adi ya cika sai ka ji "oga bai sa hannu ba", ko "akawu ya yi tafiya", ko kuma wai takardar kuɗin ba ta da lambar oda, a sake rubuto wata. Kuma ƙirgen kwana talatin ɗin nan a wurinsu ba daga ranar sauke kaya yake farawa ba, sai daga ranar da ofishin kuɗinsu ya buga wa takardar hatimi. Shi kuwa kamfanin da ya ba ka kayan ba ruwansa: ka wuce ranarsa ya tsayar maka da lodi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne mai riƙe da littafin shago da zai kwashe ranakun da ke kan takardu ya jera, ya ce wai hasashen shigar kuɗi ke nan. Wannan ai fata ne, ba lissafi ba.

A ɗauki mai sarin fulawa da man girki da ke da naira miliyan 3 a banki. Yana bin wani babban kanti miliyan 8, wa'adi a mako na farko. Yana bin gidan burodi miliyan 5, wa'adi a mako na biyu. Akwai kuma miliyan 6 a hannun wani ɗan kwangila da ya haura kwana 90 yana cewa gwamnati ba ta biya shi ba. Mai sarin shi ma ana bin sa: kamfani na jiran miliyan 9 a mako na biyu, haraji na dubu 900 dole ya fita kafin 21 ga wata, wato mako na uku, albashi miliyan 1.5 a mako na huɗu, ga dubu 600 kowane mako na dizal da 'yan dako. Lissafin takarda zai zuba duk basussukan nan a makonni biyun farko, ya nuna masa rarar miliyan 11.8 bayan ya biya kamfani. Da wannan zai je ya ƙara yin odar tirela guda!

To a buɗe takardar banki a duba biya shida na ƙarshe na kowane kwastoma, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin wa'adi da ranar da kuɗin suka faɗo, a raba gida shida. Sai a tarar kantin nan yana ƙara kwana 21 a kai a kai, ke nan miliyan 8 ɗinsa sai mako na huɗu. Gidan burodi ba ya ƙin biya, amma rabi yake bayarwa, sauran bayan mako biyu. Ɗan kwangila kuwa sifiri za a rubuta masa har sai an ga alat. Bashin da ya tsallake kwana 90 ba a gina alkawari a kansa.

Yanzu a bi mako mako. Na farko zai ƙare da miliyan 2.4. Na biyu miliyan 2.5 ta shigo, 9.6 ta fita, an shiga ramin miliyan 4.7. Na uku ba ko kwabo da ya shigo, ramin ya kai 6.2. Na huɗu miliyan 10.5 ta shigo, aka rufe wata da rarar 2.2. Wanda yake lissafin wata wata wannan 2.2 ɗin kawai zai gani ya ce lafiya lau, bai san an yi mako biyu asusu na ƙasa da sifiri ba. Shi ya sa ake jera mako 13 a gaba, kuma duk Litinin a goge hasashen makon jiya a sa abin da ya shigo da gaske.

Ko kuɗin sun shigo ma ba lallai su cika ba. Wasu kan cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe, sannan ka yi ta zarya kafin su ba ka shaidar sun kai wa hukuma. Wasu su zabtare kuɗin buhu biyu wai sun jiƙe, ba tare da sun faɗa ranar sauke kaya ba.

Mai ramin miliyan 6.2 ɗin nan, tun mako na farko ya kamata ya kira kamfani ya roƙi a raba masa miliyan 9 ɗin, kaɗan yanzu, sauran mako na huɗu. In sun ƙi, sai ya yi wa kantin ragin kashi 2 cikin ɗari don su biya da wuri. Dubu 160 ke nan zai yi asara don a ba shi kuɗinsa na halak a ranar da su da kansu suka sa wa hannu. Ina adalci a nan, don Allah?