Minti Biyu a Rediyo Ba Jarida Ba Ce

Mai koyon rubuta labaran rediyo zai iya tambaya: “Ba sai in ɗebo labaran jarida in gajarta su ba? Ai minti biyu ne kacal.”

A'a. Mai karatun jarida yakan koma baya idan bai gane ba, mai sauraro kuwa sau ɗaya yake ji, wataƙila ma yana tuƙi a cunkoson Kano.

Fara sa majiya a gaba. Jarida takan rubuta: “An kama mutum biyar, in ji 'yan sanda.” A rediyo ka ce: “'Yan sanda sun ce sun kama mutum biyar.” Idan “in ji” ya zo a ƙarshe, mai sauraro ya riga ya ɗauka maganar tashar ce, kuma wannan yana damuna ƙwarai idan zargi ne ake yi wa wani. Kowace jimla ta ɗauki batu ɗaya, yadda za ka faɗe ta da numfashi guda.

Lokaci kuma, da baki ake auna shi. Karanta da ƙarfi kana duba agogo, ka ware daƙiƙa 10 na buɗewa da rufewa. Sauran 110 za su ɗauki labari huɗu ko biyar. Idan ka zarce, cire jimlar ƙarshe ta labari, kada ka ƙara sauri.