Ɗan'uwa, na kujerar baya ma ya zo kallon zanenka ne

'Yan'uwana ɗalibai masu shirin kare aikin bincike, ku ji tsoron Allah ku daina ɗora zane mai rubutu kamar ƙwayar gero, sannan ku ce wa jama'a "kamar yadda kuke gani". Ba sa gani, kara kawai suke yi muku.

Mu yi lissafi. Tsayin shafin PowerPoint mai faɗi inci 7.5 ne, wato maki 540 a ma'aunin girman rubutu. Idan allon ɗakin taro ya kai mita 2 a tsaye, rubutu mai lamba 12 zai fito kusan santimita 4 da rabi, ƙananan baƙaƙe kuwa ba su kai haka ba. Wa zai karanta wannan daga mita 20? Lamba 28 ce ke kaiwa santimita 10. Don haka sunayen da ke jikin zane kada su gaza 24, in ɗakin na da tsawo a kai su 28.

Inda da yawa ke faɗuwa shi ne jan zane. A ce ka zana matakan tace ruwa cikin akwatuna shida da kibiyoyi. Ka haɗa su da Ctrl+G, ka danne Shift, ka ja daga kusurwa. Akwatunan sun girma, amma rubutun cikinsu yana nan a 12 ɗinsa, domin ja ba ya ƙara girman rubutu. Sai ka zaɓe su ka yi ta danna Ctrl+Shift+> har lambar ta kai. In kalmomi suka yi wa akwati yawa, rage su. "Tankin da laka ke kwantawa" ya koma "Tankin laka", sauran bayanin bakinka zai yi. Idan kuwa zanen hoto ne da ka ɗauko, rubutun zai girma tare da shi amma ya yi dishi-dishi. Yanke farin gefensa da Crop, ka rufe tsofaffin sunayen, ka rubuta sabbi. Kada ka ja daga gefe, da'ira za ta koma ƙwai.

Daidaitawa kuma ba da ido ake yi ba. Warware haɗin da Ctrl+Shift+G, zaɓi akwatunan, shiga Shape Format, sai Align, ka danna Align Middle da Distribute Horizontally. Ka bar ɗan fili a ƙasan shafi, kawunan mutanen gaba sukan tare wurin.

Kafin ranar, gwada. Nisan mita 20 ninki goma ne na tsayin allon can. Tsayin fuskar kwamfutarka kusan santimita 20 ne, to ka sa shafin ya cika fuskar, ka ja da baya mita 2 ka karanta kowane suna. Wanda ka ƙanƙance ido kafin ka gane shi, koma ka ƙara masa girma, ko ka raba zanen gida biyu a shafuka biyu.