Ƙarar maƙwabci: abin da takarda ke yi wanda haƙuri bai yi ba

Shekara shida ke nan ina kula da wani gidan haya mai hawa huɗu a birnin Hamburg na ƙasar Jamus. Kafin na taso na yi zaman haya a wani bene a Kaduna, inda na ƙasanmu ke kwana da janareta a gindin tagarmu. Mun kai kuka wajen ejan, ya ce a yi haƙuri, zaman tare sai da haƙuri. Haka muka yi ta yi har kuɗinmu ya ƙare muka tashi.

Bara wata dattijuwa da ke hawa na biyu ta zo mini da ƙorafi a kan saurayin da ke samanta, wai ya hana ta barci. Ban hau na buga masa ƙofa ba. Na ce ta ɗauki mako biyu tana rubutawa: rana, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka daina, wace irin ƙara ce, kuma a wane ɗaki take jin ta. Da farko ni kaina na ɗauki wannan al'ada a matsayin gulma da biro. Yanzu na canza ra'ayi.

Da ta kawo takardar, sai ƙarar ta rabu gida biyu. Akwai dirin ƙafa wajen ƙarfe bakwai na yamma, wanda da na bincika ashe 'ya'yan wani gida ne ke guje-guje, sauti ya bi bango ya ruɗe ta. Wannan ba a ɗora wa saurayin ba, kuma kotunan Jamus suna sassauci sosai ga hayaniyar yara ta yau da kullum. Sai ta biyu: gurnani da jijjiga tsakanin ɗaya da biyu da rabi na dare, sau tara cikin kwana goma sha huɗu. Saurayin aikin dare yake yi, idan ya dawo sai ya kunna injin wanki. A nan dokar gida ba ta da kwana-kwana, daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne.

Na tare shi a matakala na gaya masa baki da baki. Ya ce to, ya kwana uku ya koma. Sai mai gida ya aika masa takardar gargaɗi ɗauke da ranakun nan da sa'o'insu. Gargaɗin da ya ce "kana damun mutane" kawai ba ya tsayawa a gaban alƙali. Sashe na 569 na kundin dokar farar hula ya ba mai gida damar soke haya nan take idan ɗan haya ya nace da dagula zaman lafiyar gida, amma a ƙa'ida sai an fara gargaɗi, kuma ko an soke, ba mai fitar masa da kaya ko canza kwaɗo sai kotu ta yi hukunci.

Kada a ɗauka masu gidan nan sun fi namu tausayi ne. Aljihu ne ke tashinsu tsaye. Haya wata-wata ake biya, kuma sashe na 536 ya ba wanda ƙara ta hana shi more gidansa damar rage kuɗin. Dattijuwar ta rubuto cewa za ta zaftare kashi goma cikin ɗari, washegari mai gida ya kira ni. Mu kuwa a Kaduna mun riga mun zube kuɗin shekara cur, me zai sa ejan ya ɓata da mai janareta saboda mu? Wanda ya fi kusa da mai gida, ko ya fi ƙumbar susa, shi ke da gaskiya.

Abin da har yau ban saba da shi ba, dattijuwar nan ta yi wata uku tana kwana ido biyu ba ta taɓa hawa matakala goma sha shida ta yi masa sallama ba. A gida da tuni wani babba ya kira shi gefe ya ce, ɗana, akwai tsohuwa a ƙasanka, kunya ta yi rabin aikin. Sai dai ba kowa kunya ke kamawa ba, kuma da wannan hanyar kaɗai aka bi, da an ɗora wa yaron har da dirin 'ya'yan wasu.

Bayan takardar, na taya shi shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashin injin, ya mai da wankinsa rana kafin ya fita aiki. Dattijuwar ta ci gaba da biyan kuɗinta cikakke. Har yanzu idan sun haɗu a ƙofa ba sa gaisawa.