Kula da miji mai ciwon damuwa ba ya nufin barin sana'a

"Tun da maigidana ya rasa aikinsa a Apapa ya daina fita. Ba wajibi ba ne in rufe shagona in zauna da shi?"

A'a, rufewar tana iya ƙara masa nauyi, domin da cinikin nan ake cefane yanzu, kuɗin hayar shekara kuma ba ya jira. Idan rashin barci, ƙin abinci da ƙaurace wa mutane sun wuce mako 2, ciwon damuwa ake zargi, kuma zamanki a gida ba ya warkar da shi. Ki raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, sannan ki roƙi ɗan'uwansa da ya amince da shi ya riƙa leƙo shi lokacin da kike shago. Amma idan ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.