Maki dubu takwas aka sayar min, ba kwamfutar gem ba

Wata takwas ina tara kuɗi, ina hana kaina har kilishi, don in sayi laftof da zan buga gem ɗin harbi na Warzone ba tare da ciwon rai ba. Na shiga wani shago a Wuse, mai shagon ya tarbe ni da fara'a, ya ɗauko wata ta hannu mai firosesa Core i7 da katin hoto RTX 3060 da RAM giga 16. Ya jona caja, ya ɗora ta kan wani faifai mai fanka, esi na hura mu har ina jin sanyi a ƙafa. Ya kunna Time Spy na 3DMark, manhajar da ke gwada ƙarfin kwamfuta ta ba ta maki, muka tsaya muna kallo. Da aka gama sai ga maki dubu takwas da 'yan kai. Ya juyo da allon ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka. Wannan ko wane gem ka ba ta haɗiyewa za ta yi." Ni kuma da wautata na tura kuɗi.

Na kai ta gida Kubwa, a watan Maris, ɗakin da fankar sama kaɗai ke aiki, ita ma iska mai zafi take juyawa. Minti goma na farko lafiya lau, FPS, wato yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa, na wajen 90. Daga nan sai abin ya fara. Ina cikin gudu hoton ya ƙame, ya saki, ya sake ƙamewa. Mutum ya ɓullo ta bayan gini, kafin allona ya farfaɗo an riga an kwantar da ni. Abokaina na ta ihu a kunnena wai intanet ɗina ne. Ba intanet ba ne, don ko a filin gwajin bindiga haka take yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lambar da ke saman allo ba ta nuna komai ba. Tana cewa 80. To ina matsalar? Sai da na saka manhajojin MSI Afterburner da RivaTuner, na kunna zanen da ke nuna tsawon lokacin kowane firem, wato kowane hoto guda da allo ke nunawa, sannan na ga ɓarnar. FPS matsakaici ne kawai, ana ƙirga firem nawa suka fito a daƙiƙa ɗaya. A ce firem 79 sun fito kowanne a milisakan 11, jimilla 869 ke nan, sai guda ɗaya ya maƙale ya ci milisakan 131. An cika daƙiƙa, firem 80 cif, lamba ta yi kyau. Amma wannan guda ɗayan shi ne ido ke gani, shi ne hannu ke ji, kuma a cikinsa ake harbe ka. Zanen nawa kamar haƙoran zarto. Layin 1% low, wanda ke auna firem mafi jinkiri, yana rarrafe a wajen 30 alhali matsakaicin na taƙama da 80.

Na fara tono. Na buɗe Task Manager, wajen Memory, sai ga "Slots used: 1 of 2". Giga 16 ɗin nan sandar RAM ɗaya ce tal, ɗayan gurbin babu komai! Wato firosesa na ɗebo bayanai ta hanya guda maimakon biyu. DDR4-3200 a hanya ɗaya iyakarta giga 25.6 a daƙiƙa, a hanya biyu 51.2. Rabi ke nan. Gem irin Warzone, mai taswira faffaɗa da ɗimbin 'yan wasa, kullum firosesa na cikin jigilar kaya daga RAM, don haka katin hoto sai ya zauna yana jira. Na gani da idona: aikin katin yana faɗowa daga 97 cikin ɗari zuwa sittin da wani abu daidai lokacin da hoton ke ƙamewa.

Me ya sa makin shago bai tona wannan ba? Saboda ba a gina shi don hakan ba. A jimillar makin Time Spy, gwajin katin hoto ke da nauyin 85 cikin ɗari, firosesa 15 kacal. Gwajin katin kuma an tsara shi ne ya takura kati ya sauƙaƙa wa firosesa. Hoto ne shiryayye, kamara na bin hanya ɗaya kowane lokaci, babu ɗan wasa da zai faɗo daga sama, babu sabon yanki da za a loda ba zato. Ni ban ga laifin gwajin ba, abin da aka tambaye shi ya amsa: katin yana da ƙarfi. Laifin na wanda ya san sanda ɗaya ce a ciki, ya zaɓi gwajin da ba zai fallasa ta ba, ya yi shiru.

Sai kuma zafi. Kowane ɓangaren gwajin hoton bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, ga hutun lodi a tsakani. Ƙarfen da ke kwashe zafi ko gama ɗumama bai yi ba aka tashi. Ni kuwa awa biyu nake zama. Manhajar HWiNFO64 ta nuna min firosesa na taɓa digiri 100, layin Thermal Throttling ya koma "Yes", katin hoto ya manne a 87. Idan suka kai nan da kansu suke rage gudu don kada su ƙone, kuma ragewar ba a hankali take zuwa ba, fizga ce. Da wani mai gyara ya kwance bayanta, ƙurar hunturu ta yi kunu a bakin fankokin kamar audugar katifa, man kwashe zafi da ke kan firosesa ya bushe ya zama alli. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan rabon da a buɗe ta tun tana ƙasar waje."

Na koma shagon ina huci. Mai shagon ko gezau. Ya ce, "Haba Alhaji, maki ba ya ƙarya. A gabanka aka yi." Na ce to a kashe esi, a cire faifan, a kunna Time Spy Stress Test, wanda ke maimaita gwajin sau 20 a jere, kuma sai daidaiton gudu ya kai 97 cikin ɗari ake cewa na'ura ta ci. Ko kuwa a bar ni in buga gem ɗina rabin awa a nan kan teburinsa, kowa ya ga zanen. Sai ya ce ai shi ba ya da lokaci, ga kwastomomi na jira, kuma kayan da aka fita da su ba a dawowa da su. Wai ɗakina ne ke da zafi. To a ina ya zaci zan buga, cikin firji? Abuja muke, ba kan dutsen Jos ba.

Daga aljihuna na sayi sanda ta biyu mai giga 16 da gudu iri ɗaya, na biya aka wanke fankoki aka sa sabon mai, na kuma ƙayyade FPS a 75 ta RivaTuner don kada ta riƙa zabura tana dafa kanta. 1% low ya hau wajen 55, haƙoran zarton sun kwanta, gem ya zama abin bugawa. Ka san abin haushin? Na sake kunna Time Spy, makin katin hoto kusan bai motsa ba. Kwamfutar da ta hana ni barci da wadda nake jin daɗinta yanzu, a takardar mai shagon duk abu ɗaya ne.

Na ɗauki hoton zanen farko da na yanzu, da rasit ɗin sanda da na mai gyara, na tura masa a WhatsApp na ce ya biya ko da rabi ne. Ya karanta tun ranar Talata.