Ranar da Makirfo Ya Tona Min Asiri

Ni fa a bakin gona babu mai rufe min baki. Shekara shida ina aikin malamin gona, ina tsayawa gaban manoma hamsin a ƙofar gidan mai gari in yi ta zuba har a kira la'asar, ko gezau. Shi ya sa da saƙo ya shigo cewa an karɓi maƙalata a wani taron masana harkar noma da za a yi a Kaduna, na yi hamdala, na ce abin nema ya samu. Sai da na gangaro layin ƙarshe na saƙon na ga sharaɗin: minti 15, 12 na jawabi, 3 na tambayoyi, da Turanci, a babban zaure. Nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Maƙalar kan ajiyar wake ce a buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda idan aka ɗaure shi tam ƙwaro zai cinye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba sai an zuba magani ba. Abu ne da na sani kamar yunwar cikina. Amma tsoro ya raɗa min cewa farfesoshi za su raina ni in ban zuba musu duk abin da na sani ba, sai na haɗa silaid 47, wato shafukan da ake haskawa da majigi, na rubuta jawabi mai kalmomi 3,100, na zauna ina haddace shi ina jijjiga kamar mai shirin saukar karatu.

Saura mako biyu na ɗauki kwamfuta na tafi gidan wani tsohon malamina da ya yi ritaya. Ya gyara tabarau, ya yi ta danna maɓalli, bai ce uffan ba sai da ya kai na 30.

"Kai, jawabi za ka yi ko wa'azin Tashe har Sallah?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk masu muhimmanci ne."

Ya jawo takarda ya yi min lissafin da har yau nake jin kunyarsa. Minti 12 sakan 720 ne, in ka raba wa silaid 47, kowanne ya samu sakan 15, wato kafin mutumin da ke kujerar baya ya nemo tabarau ɗinsa ka wuce. Sannan mai magana a natse da Turanci yana furta kalmomi wajen 130 ne a minti, don haka rubutuna ya tasam ma minti 24. Ya ce in mayar da shi kalmomi 1,400, silaid kuma kada ya wuce 12.

Daga nan ya ce in rufe kwamfutar, in faɗa masa a jimla ɗaya abin da nake so mutum ya koma gida da shi. Na fara da tarihin noman wake a Afirka ta Yamma, ya ɗaga hannu. Na koma kan muhimmancin wake ga talaka, ya sake ɗagawa. A karo na huɗu, cikin ƙufula, na ce, "Malam, buhun yana aiki, inda manoma ke asara wajen ɗauri ne da hujin ɓera!" Ya ce to, ga maƙalarka nan, sauran duk rakiya suka yo. Ya yanka min ita zango huɗu kamar tafiyar fatake: mece ce matsalar, me muka yi, me muka gani, me ya kamata a yi. Ya ce kowane zango in ba shi jimlar shiga guda ɗaya da zan riƙe a ka, sai kuma jimloli uku na buɗewa da ɗaya ta rufewa. Su kaɗai zan haddace. Dalilinsa shi ne hadda sarƙa ce, in kalma ɗaya ta ɓalle duk na bayanta sun zube, amma mai zango in ya ɓace a ɗaya sai ya tsallaka na gaba, ba wanda zai sani.

Na dawo gida da sauƙin kaya, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Da zarar na tuna zauren sai zuciyata ta hau dukan uku-uku. Wani aboki a majalisa ya ce ai abu mai sauƙi ne, ka ja dogon numfashi. Bai ce sau nawa ba, bai ce da wane sauri ba. Bayan isha'i na tsaya a tsakar gida na dinga zuƙar iska ina fesarwa da ƙarfi kamar zugazugin maƙeri. Kafin na yi sau talatin leɓuna suka fara zir-zir, yatsuna suka ɗau ƙaiƙayi, mangwaron tsakar gida ya fara zagaye ni. Na nemi wurin zama, na zauna daram a cikin robar wanke-wanke. Uwargida ta fito da salati, ta tofa min addu'a, ta kira yayata wadda ma'aikaciyar jinya ce.

Yaya ta saurari bayani a waya, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kai da kanka ka jawo. Tsoro dama yana sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ƙafe, numfashi ya yi sama-sama. Kai kuma ka zo ka ƙara masa wuta. In kana fesar da iska da sauri haka, iskar kabon dayokzaid ta jininka ke raguwa fiye da kima, jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su tsuke, shi ne jirin da zir-zir ɗin." Ta ce sirrin yana wajen fitarwa, don lokacin da mutum ke sakin numfashi a hankali ne bugun zuciya ke lafawa. In ɗora hannu a ciki, in shaƙa ta hanci ina ƙirga huɗu, cikin ya taso, kafaɗa na nan inda take, sannan in saki ta baki ina ƙirga shida kamar mai hura koko mai zafi. Sakan goma ke nan, numfashi shida a minti, in yi na minti biyu. Ta ce in na sake jin jiri to na cika zuƙa, in rage. Ta kuma hana ni goro da kofi a safiyar ranar, tunda suna ƙara karkarwar hannu, ta ce in yi ta gwadawa safe da yamma, don ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Saura gwaji. Da a zuci nake bita, ina kwance, kuma a zuci ni gwani ne, minti tara na gama har ana tafi. Ranar da na miƙe tsaye na buɗe baki, agogon waya na gudu, sai ga minti 17. A nan na gane akwai wata kalmar Turanci mai gaɓa biyar da harshena ya rantse ba zai haye ta ba, na cire ta na sa 'yar ƙarama. Na ɗauki kaina a bidiyo, na ƙirga "eh to" ɗin Turawa guda 41, na kuma ga ina lilo hagu da dama kamar ɗan makarantar allo. Masu sauraro na farko su ne uwargida, da 'yata mai shekara biyar, da akuyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga. Akuyar ce kawai ta tsaya har ƙarshe. Uwargida dai ta yi min tambayar da ta fi ta kowa zafi: "To Malam, in an buɗe buhun an ɗebi na abinci, shi ke nan ya lalace?" Na yi ta kame-kame kafin na tattaro amsa, cewa a ɗiba da sauri, a matse iskar, a sake ɗaure kowace leda daban. A gwaji na takwas na sauka a minti 11 da rabi, na bar rabin mintin don tsautsayi.

Ranar taro ni ne na uku bayan hutun shayi. Na sha ruwa, na kauce wa kofi ina haɗiyar yawu. Wani saurayi mai kula da na'urori ya maƙala min ƙaramin makirfo a wuyan riga, ya ce wani abu da ban ji ba saboda kunnuwana sun toshe. Mai magana na biyu yana amsa tambayoyi, ni kuma na laɓe bayan labulen gefen dandamali, na ɗora hannu a ciki na fara aikin Yaya. Don kada in ɓace sai na dinga ƙirgawa a hankali, da Hausa, ina haɗawa da magiya: "Fuuu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ya Allah ka rufa min asiri. Fuuu."

Na ji zauren ya yi tsit. Na ce a raina, lallai numfashin nan na aiki, har hayaniya ta daina damuna. A zagaye na huɗu na ji wata murya mai kauri daga cikin zaure ta amsa, "Amin!" Dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Ashe abin da saurayin nan ya faɗa min shi ne makirfo a kunne yake.

Na fito gwiwa na rawa, takardar hannuna na kaɗawa kamar tutar ɗan siyasa, na yi maza na ajiye ta a kan teburi na dafa shi. Abin mamaki, bakina bai jira ni ba. Jimloli ukun nan da na maimaita wa akuya suka fito da kansu, kuma kafin su ƙare na ji ƙafafuna sun taka ƙasa. Zuciya ba ta daina bugu ba, sai dai ta sauko daga gudun doki zuwa sassarfa.

Ina tsakiyar zango na uku, silaid na bakwai, aka ɗauke wuta. Majigi ya mutu, makirfon da ya gama tona min asiri shi ma ya yi shiru a lokacin da nake buƙatarsa. Da da hadda na zo, da nan za a yi jana'izata. Na saki numfashi ɗaya mai ƙirga shida, wannan karon a zuci, na ɗaga murya irin ta ƙofar gidan mai gari, na ciro ledar da na zo da ita a aljihu na nuna musu hujin ɓera da yadda ake murɗa bakin leda a lanƙwasa kafin a ɗaure. Janareta ya tashi ina shiga zango na huɗu. Shugaban zama ya ɗaga katin saura minti ɗaya daidai ina faɗin jimlar rufewa.

Tambaya ta farko, wallahi, ita ce ta uwargida, sai dai ta sanyo kwat. Na amsa ta kamar ina shan fura. Ta biyu daga wani dattijo ce mai farin gemu a layin gaba, wanda na gane muryarsa tun kafin ya gama sallama, shi ne mai "Amin". Ya ce batun buhu ya gamsu, abin da ya rage masa shi ne ƙirgen nan, don shi ne zai yi magana bayan azahar: huɗun ne na shiga, ko shidan?