Shayi, gahawa da kankana: ina sa su cikin lissafin ruwana

Tun da zama ya kawo ni ƙasar sanyi, ƙishirwa ta daina yi mini sallama. A wurin da rana ke duka, jiki da kansa yake tura mutum neman ruwa. A nan kuwa sai in wuni ban kurɓi ruwa zalla ba, sai dai shayi kofi bayan kofi. Wata abokiyar aikina, wadda ba ta rabuwa da gorar ruwa, ta ce mini wannan shayin ba ya shiga lissafi, wai ma tsotse ruwan jiki yake yi. Maganar ta dame ni, don na san mutane da yawa sun yarda da ita. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Gaskiya ne akwai sinadarin kafeyin a shayi da gahawa, kuma yana iya sa ƙoda ta ƙara sakin fitsari. Amma sai a tambaya: nawa ne, kuma a jikin wa? Kofin gahawa mai mililita 240 yana ɗauke da kamar miligiram 95, baƙin shayi kuma wajen rabin haka. Ƙarin fitsarin ya fi bayyana ne idan mutum ya zuba wa cikinsa miligiram 250 zuwa 300 a zama ɗaya, musamman wanda bai saba ba. Wanda yake sha kullum, jikinsa kan saba cikin 'yan kwanaki. Kuma kada a manta, wannan ɗan sinadarin a cikin cikakken kofin ruwa yake zuwa. Abin da ya shiga ya fi abin da ya fita nesa ba kusa ba.

An ma gwada. A 2014 masu bincike a Jami'ar Birmingham sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da maza 50 waɗanda suka saba shan gahawa. Kwana uku suna shan kofi huɗu a rana, a wani karon kuma kwana uku suna shan ruwa daidai wannan adadin. Da aka auna jini da fitsari da ruwan jikinsu, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba.

Kankana kuwa ba ta ma buƙatar dogon bayani. Kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne, kuma hanji bai damu da ko tauna ruwan aka yi ko kurɓa ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, da ta ce mace na buƙatar kamar lita 2 a rana, namiji lita 2.5, ta haɗa ne har da ruwan da ke cikin abinci.

Sai na zauna na lissafa wani wuni nawa. Shayi kofi biyu, rabin lita ke nan. Gahawa kofi ɗaya da hantsi, mililita 240. Da yamma na ɗora yankakkiyar kankana a sikeli, ban da ɓawo, ta ba ni giram 300, wato ruwa wajen mililita 275. Na tashi da lita ɗaya da ɗan ɗori, ban ko buɗe famfo ba, kafeyin ɗin kuma bai kai miligiram 200 ba.

Inda nake ba abokiyar aikina gaskiya shi ne, wannan lita ɗayar ba ta isa ba, kuma kuskure ne a cike gurbin da ƙarin gahawa. Ba don tana busar da jiki ba, a'a, don kafeyin yana da iyaka: kamar miligiram 400 a rana ga babba mai lafiya, 200 ga mai juna biyu. Kafin a kai nan ma wasu sun fara jin bugun zuciya, barci ya ƙaurace musu. Ga kuma sukari. Cokali biyu a kowane kofi, sau huɗu a rana, ba ƙaramin abu ba ne, ita ma kankanar tana da kamar giram 6 a kowane giram 100, abin da mai ciwon suga zai lura da shi. Sannan ɗan mitsitsin kofin gahawa mai kauri, wanda bai wuce mililita 30 ba, kafeyinsa ya haura miligiram 60, ruwansa kuwa bai fi kurɓi ɗaya ba. Shi kam ba na ko ƙirga shi.

Yanzu launin fitsari nake dubawa, tunda ƙishirwa ba ta gaya mini gaskiya a sanyin nan. Idan ya fito fari-fari mai ɗan rawaya, na san ina daidai. Idan ya yi duhu da rana tsaka, sai in tashi in sha ruwa zalla kofi biyu, shayin ya jira zuwa la'asar.